Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Ƙarar da Nake Kai Kwanan Karatu

Duk wanda ya taɓa zama a Samaru a makon jarrabawa ya san yanayin da garin ke shiga. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello yakan cika, azuzuwa su kwana da mutane, masu shayi su yi ciniki har asuba. A cikin masu wannan kwanan zaune akwai ɗaliban harsuna, masu Larabci da masu Faransanci da masu fama da Turanci, kowa riƙe da littafin rubutu da ya ja wa layi a tsakiya: baƙuwar kalma a wannan gefe, ma'anarta a wancan. Su bi shafi daga sama har ƙasa, su sake komawa, har ido ya yi ja. Da safe su shiga su rubuta, da yawa kuma su ci. Bayan wata guda ka tari ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi kalma goma daga wancan littafi, sai ka ga ya fara sosa ƙeya, ya ce da kai shi dama Allah bai ba shi ƙwaƙwalwar riƙe harshe ba.

Wannan magana ce nake so in ƙaryata. Ƙwaƙwalwarsa lafiyarta lau. Hanyar da ya bi ce ba ta da albarka, kuma an san haka tun kafin a haifi kakansa. Muna ci gaba da binta ne kawai domin tana biyan bukatar jarrabawar gobe, kuma ba wanda ke dawowa bayan wata shida ya tambayi abin da ya saura a ka. A tsakanin nan iyaye na biyan kuɗin makaranta da na darasin yamma, shekaru na tafiya, sannan a yaye mutum da takardar shaida a hannu ba tare da harshen a baki ba.

Abin da ya sami ƙanena

Ina da ƙane da ke karanta Larabci. A ƙarshen shekararsa ta farko ya nuna mini littafinsa na kalmomi cikin alfahari, shafi bayan shafi, rubutu tsaf. Na karɓa, na rufe gefen Larabcin da tafin hannu, na fara karanto masa Hausar daga tsakiyar littafin, ina tsallake-tsallake. Cikin ashirin ya kawo shida. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, da zarar na ɗaga hannu ya ga kalmar, sai ya ce, "Wallahi Yaya na san ta!" Gaskiya ya faɗa, amma rabin gaskiya. Ya san ta kamar yadda ka san fuskar mutumin da kuke haɗuwa kullum a tashar Kwangila: in ka gan shi ka gane shi, in an ce kira sunansa ka yi shiru.

Nan ne yaudarar take. Gane abu idan an gan shi daban, ciro shi daga ka ba tare da an gan shi ba daban. Mai bin jeri da ido yana horar da kansa a kan na farko, alhali magana da rubutu na biyun suke bukata. Kuma da yake kowane bi yana zuwa da sauƙi fiye da na baya, sai zuciya ta ɗauki wannan sauƙi a matsayin sani.

A 2008 wasu masana biyu a Amurka, Jeffrey Karpicke da Henry Roediger, sun gwada wannan da ɗaliban jami'a. Sun ba su kalmomin Suwahili 40 da ma'anoninsu, suka koya har kowa ya iya kawo kowace kalma daidai aƙalla sau ɗaya. Bambancin yana cikin abin da ake yi da kalma bayan an kawo ta daidai: wasu an ci gaba da tambayarsu ita, wasu kuwa an daina tambayarsu, ko da an bar su suna sake karanta ta. Bayan mako guda, waɗanda aka ci gaba da tambaya sun tuna kusan kashi 80 cikin ɗari. Waɗanda aka daina tambaya ba su wuce kashi 33 zuwa 36 ba. Ƙarin karatu da ido bai tsinana komai ba. Kuma da aka tambayi ɗaliban tun farko nawa suke jin za su tuna, dukkansu sun yi hasashen wajen rabi. Wato mai karatun kansa ba ya jin bambancin a jikinsa, shi ya sa ba ya barin hanyar da ke cutar da shi.

Mantuwa tana da ƙa'ida

Laifin kwanan karatu na biyu shi ne tara maimaici a dare ɗaya. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi shekaru yana yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari lokaci ya wuce, sannan ya auna yawan wahalar da ta rage masa wajen sake haddace su. Ya tarar mantuwa tana yin mafi yawan ɓarnarta da wuri: bayan awa ɗaya fiye da rabin aikin ya zube, bayan kwana ɗaya abin da ya saura bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, daga nan zubewar ta lafa. Gaɓoɓi marasa ma'ana sun fi kalmomi na gaske saurin gudu, don haka kada a ɗauki waɗannan alƙaluma a ɗora wa kowane karatu. Amma siffar abin ita ce dai: gangara mai tsanani da farko, sannan shimfiɗa.

Ya kuma lura da wani abu da ya fi wannan amfani. Abin da maimaici 68 a rana ɗaya ya samar masa, maimaici 38 da ya rarraba a kwana uku ya samar da kwatankwacinsa. Dalilin ba boyayye ba ne. Kalmar da ka karanta minti biyu da suka wuce tana nan a bakin ƙofa, sake ɗaukarta ba aiki ba ne, don haka ba ya ƙara mata ƙarfi. Wadda ta fara nisa, ka yi ɗan kokawa kafin ka kamo ta, ita ce ke ƙara kafuwa, kuma bayan wannan kamun takan daɗe fiye da na baya kafin ta sake nisa. Saboda haka tazarar da ke tsakanin tishi da tishi ya kamata ta riƙa faɗaɗa: kwana ɗaya, sannan 'yan kwanaki, sannan makonni, sannan watanni.

Abin takaici a nan shi ne, ba sai mun je Jamus ba kafin mu san rabin wannan. Malamin makarantar allo ba ya barin yaro ya wanke allonsa sai ya biya karatun an ji, kuma ba wanda ya yi hadda da zai yarda ya bar tishi da tilawa, domin ya san abin da ba a waiwaya ba guduwa yake yi. Yaron da ya tashi a wannan tarbiyya shi ne zai shiga boko ya ajiye ta a ƙofar aji, ya rungumi karatun dare ɗaya. Sai dai a yi adalci: tilawa ta dace da nassi mai jere, inda kowane layi ke janyo na gaba. Kalmomin harshe ba sa zuwa a jere a bakin mai magana, don haka dole a raba su, a cakuɗa su, a kuma san wacce ce mai rauni a ba ta kulawa fiye da sauran. Littafin rubutu ba zai iya wannan ba, domin kalma ta uku tana nan kullum a ƙarƙashin ta biyu, kuma wadda ka sani da wadda ba ka sani ba lokaci ɗaya suke ci. Kati ne ke iyawa.

Kwali mai gida biyar

Wanda ya yaɗa dabarar kati da akwati ɗan jarida ne Bajamushe, Sebastian Leitner, a wani littafi da ya fitar a 1972. Abin da muka yi da ƙanena ya ɗan bambanta da nasa, amma ginshiƙin ɗaya ne. Mun sayi farin kwali a Sabon Gari, muka yayyanka shi daidai tafin hannu, muka sami kwalin takalmi muka raba cikinsa gida biyar. Kowane gida da tazararsa: na ɗaya kwana 1, na biyu kwana 3, na uku kwana 7, na huɗu kwana 15, na biyar kwana 30. Doka biyu ce kawai. Katin da ka amsa daidai ya matsa gida na gaba. Wanda ka kasa ya koma gida na ɗaya, ko da daga na biyar ya fito. A kusurwar kowane kati kuma akan rubuta ranar da za a sake duba shi da fensir, a jera katunan kowane gida bisa wannan rana.

Ga yadda kalma guda ta bi ta ciki. Ranar 1 ga Maris ya ci karo da miftah, wato makulli, a wani nassi da suke karantawa. A fuskar katin ya rubuta da Hausa: "Na manta makullin a gida", ya ja layi a ƙarƙashin makulli. A baya ya rubuta da baƙaƙen Larabci: miftah, jam'insa mafatih, da jimlar gaba ɗaya, nasitul miftaha fil baiti. Ranar 2 ga Maris ya ɗauko, ya karanta fuskar, ya faɗi amsar a fili kafin ya juya. Ya dace, kati ya shiga gida na biyu. Ya sake haɗuwa da shi ranar 5 ga Maris, sannan 12, sannan 27, sannan 26 ga Afrilu. Da ya ci wannan na biyar, sai katin ya fita daga kwalin zuwa wani ƙunshi na daban da ake dubawa bayan kwana 90, wato 25 ga Yuli. Tishi shida ke nan cikin kusan wata biyar. In kowane ya ci daƙiƙa goma, kalmar nan ta ci masa minti ɗaya bayan rubuta ta. A dare ɗaya na kwanan karatu yakan bi ta kan kalma fiye da sau shida, amma ba ta kai wata.

Lura da abin da ke kan katin. Tambaya ɗaya ce, mai amsa ɗaya. Kalmar daga karatunsa ta fito, ya riga ya fahimce ta a muhallinta kafin ya rubuta. Jam'in ya shiga ne domin jam'in Larabci sau da yawa ba ya bin ƙa'ida guda, sai an riƙe shi tare da tilonsa. Kuma katin daga Hausa yake tambaya zuwa Larabci, wanda shi ne ɓangare mai wuya, wanda mai son yin magana ke bukata. Wanda karatu kaɗai ya dame shi zai iya juya shi. Mai son duka biyu kati biyu zai yi, domin aiki biyu ne.

Lissafin da ba a faɗa wa sabon shiga

Yawancin waɗanda suka gwada wannan hanya suka watsar, zari ne ya kashe su. Lissafin a fili yake. In kana ƙara sabon kati 10 kowace rana, kowanne kuma zai dawo maka sau biyar a cikin wata biyun farko, to bayan wata biyu za ka riƙa tarar da kati 50 na jiranka kowace safiya. Haɗa da masu dawowa daga ƙunshin kwana 90 da waɗanda ka kasa suka koma baya, ka ce 70 zuwa 80. Wannan aikin kamar kwata ne na awa. Wanda ya hau bas a Samaru ya ciro katunan ranar daga aljihu zai gama kafin a sauke shi a Sabon Gari. A kwana 300 ya tara kati 3,000.

Yanzu ɗauki wanda zumuɗi ya kwasa ya fara da 50 a rana. Makon farko daɗi. Bayan wata biyu kati 250 ne aƙalla ke jiransa kullum, ban da waɗanda ya kasa. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ya tashi ya tarar da tsibin da ya doshi dubu. Ya rufe kwalin, ya tura ƙarƙashin gado, ya shiga gari yana cewa ya gwada abin ba ya aiki. Ɗibar karan mahaukaciya ya yi. Maganin tsibi, in ya taru, shi ne a tsayar da sababbi cak har sai an biya bashin tsofaffi. Tsohon kati kullum shi ke gaba da sabo.

Masu wayar hannu na iya barin manhaja ta riƙe musu kwanakin. Anki ita ce aka fi sani. Ta wayoyin Android, wato AnkiDroid, kyauta ce, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Bayan ka juya kati za ka danna Again in ka kasa, ko Good in ka dace, ita kuma ta tsara ranar dawowarsa. Amma tana zuwa ne a saite kan sabon kati 20 a rana, kuma littafin jagorarta da kansa ya yi gargaɗin cewa wannan na iya kai mutum ga tishin kati wajen 200 kullum. Ka rage shi zuwa 10 tun ranar farko. Kada kuma ka sauko da tarin kati dubu biyar da wani ya haɗa a wata ƙasa ka ce ka huta. Rabin koyon yana cikin zaɓen kalmar da rubuta ta da hannunka.

Yadda ake gane an kauce

Ma'auni mai sauƙi shi ne wannan: cikin kowane kati goma da lokacinsu ya yi, kasa ɗaya ko biyu lafiya ce. In kullum kana kasa huɗu ko biyar, ko dai sababbi sun yi yawa, ko katunan ba su rubutu da kyau ba. In kuwa ba ka taɓa kasawa, tazararka ta yi gajarta, kana ɓata lokaci a kan abin da ka riga ka mallaka.

Akwai kuma katin da ke komawa gida na ɗaya ba ya gajiya. Ƙanena ya yi fama da biyu irin wannan: maɗar, ruwan sama, da maɗaar, filin jirgin sama. Jan wasali ɗaya ne ya raba su a kunne, kuma ya yi kuskuren shigar da su rana ɗaya, sai suka riƙa cin juna. Ƙara maimaici bai raba su ba. Abin da ya raba su shi ne, ya cire ɗaya ya ajiye mako biyu, sannan ya sake rubuta ta tare da danginta: maɗaar daga tushen tashi sama take, 'yar uwar ɗa'ira, jirgin sama, da ɗa'ir, tsuntsu. Da ta sami dangi sai ta zauna. Anki ma takan yi wa kati alama idan ya faɗi sau takwas, kuma ma'anar alamar ita ce a sake masa gini.

Sai cuta ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce yawa: juya kati kafin a amsa, a ga amsar, a ce "dama ita nake nufi". Wanda ya yi haka ya koma wa littafin jeri, ya dai yayyanka shi ne. Ka faɗi amsar a fili ko ka rubuta ta, sannan ka juya. In ta ƙi zuwa cikin daƙiƙa goma, ba ta zo ba.

Ga masu cewa haddar aku ce

Na san abin da wasu malaman harshe za su ce: harshe ba tarin kalmomi ba ne, ana koyonsa ne da ji da magana da karatu. Na yarda ɗari bisa ɗari. Kati ba zai koya maka inda ake sa kalma da inda ba a sa ta ba, ba zai gyara maka lafazi ba, ba zai ba ka zuciyar buɗe baki a gaban mutane ba. Dubi 'yan kasuwar Sabon Gari da suka zo daga Kudu, waɗanda ke ciniki da Hausa kamar a nan aka haife su. Ba su taɓa yanka kati ba, domin kasuwa ce ke yi musu tishi: kalmar da suka ji jiya, yau wani zai tilasta musu su faɗe ta. To amma wa ke yi wa ɗalibin Larabci ko Faransanci a Samaru wannan hidima? Kalmar da ya gani a nassi yau, mai yiwuwa ba zai sake gamuwa da ita ba sai bayan wata huɗu, lokacin ta riga ta tafi. Kati yana cike wannan giɓi ne kawai. Yana riƙe maka kalmar da rai har ranar da za ka sake haɗuwa da ita a littafi ko a bakin mutum. Kwata na awa ga kati, sauran lokacin ga karatu da sauraro da magana. Wanda ya juya wannan rabo ya ɓata hanya.

Kuma abin dariya ne a ce masu kare jerin kalmomi da kwanan aji su ne ke kiran wani aku. Wane aku ya wuce wanda ya haɗiye kalma ɗari uku daren Lahadi, ya amayar da su safiyar Litinin, ya wayi gari Juma'a ba ko ɗaya?

Ƙarata ba a kan ɗalibai kaɗai take ba. Duk malamin da gwajinsa ba ya tambayar komai sai na wannan zango, ya sanar da ɗalibansa cewa na zangon baya ya halatta a manta. Duk mai darasin yamma da ke miƙa wa yaro takarda mai kalma ɗari ya ce a haddace kafin Asabar, ya sayar masa da ruwa ne a kwando. Gyaran bai bukatar kasafin kuɗi. Minti biyar na farkon kowane darasi, littattafai a rufe, tambaya goma: uku daga darasin jiya, uku daga makon jiya, huɗu daga watannin baya. Malamin da ya yi haka zango guda zai ga bambancin a bakin ɗalibansa.

A hutun da ya wuce na sake zama da ƙanena. Na zari kati ashirin daga ƙunshin kwana 90, na cakuɗa, na karanto masa Hausar. Ya kawo goma sha bakwai. Ukun da ya kasa ya karɓe su daga hannuna, ya goge kwanan watan da ke kusurwa, ya mayar da su gida na ɗaya.